Ranar da Yaya ya riƙe aljihun shagona

Ni makaranta a aji biyu na sakandare na tsaya, amma shagona na tireda a Tsafe ya binne shaguna da yawa na masu takardu. Abin da ya kashe su ɗaya ne: suna ganin ciniki su ɗauka nasu ne. 'Yan gidanmu ma haka suka ɗauka.

Wata shekara gab da damina yayana ya zo daga 'Yankuzo ranar kasuwa. Shi ke riƙe da gonar gado, shi ke ciyar da Inna, kuma ba ya bari a manta. Ya zauna bisa benci ya wuni yana kallon hannuna. Sukari, sabulu, taliya, man gyaɗa a ƙulle, kuɗi na ta faɗawa cikin akwati. Bayan la'asar na ƙirga a gabansa, dubu ɗari cif.

"Alhaji!" in ji shi. Ban taɓa zuwa Makka ba, ya sani. "Dubu ɗari a wuni guda, mu kuwa taki ya gagare mu. Ba ni tamanin, ka kwana da ashirin."

"Yaya, kuɗin nan ba nawa ba ne."

"Na wa ne? Na aljannu? To zan gaya ma Inna ɗanta ya yi arziki ya manta da gona."

Maganar ta soke ni. In na ba shi, rabin kantocina za su wayi gari fayau, kuma mai saye in ya tambayi sabulu sau biyu babu, ba ya dawowa. In na hana, sunana marowaci har in mutu. Sai na tattara kuɗin duka na cusa masa a aljihu.

"Riƙe. Gobe ka raka ni Gusau sari. Ba zan sayi komai ba sai madadin abin da ya fita yau. Abin da ya rage a aljihunka, naka ne."

Har dariya ya yi. Ya kwana da hannu bisa aljihu.

Da safe muka shiga bas. A wurin mai sarin da nake hulɗa da shi na fara kira: sukari kaza, taliya katan kaza, sabulu, madara, man gyaɗa jarka ɗaya. Allah ya taimake ni farashi bai motsa ba a makon. Aka haɗa, dubu tamanin da takwas.

"Biya shi, Yaya."

"Duka?"

"Kai ke da aljihu."

Ya ƙirga yana tsotsar haƙori, kamar ana zare masa jijiya. Mai sarin ya dube shi ya ce, "Baba, kuɗin ba su yi maka laifi ba, sake su."

Daga nan sai kuɗin mota da na masu dako, zuwa da dawowa, dubu huɗu. Leda ta ƙullin kaya, dubu ɗaya. Da muka iso shago na miƙo masa gwangwanin da nake jefa rabon haya da na mai gadi da man janareta kowace rana, na ce ya sa dubu biyu.

"Shi ma gwangwanin ci yake?"

"Ya fi ka ci. Kuma shi ba ya jin a yi haƙuri."

Ya zaro abin da ya saura ya ƙirga, ya sake laluben aljihun har ƙasa. Dubu biyar.

"Wannan ita ce riba," na ce. "Dubu ɗarin da ka gani jiya ciniki ne, wucewa ya zo yi. Taliyar da nake sarowa ɗari tara in sayar dubu, ɗari ce tawa, ita ma sai mota da haya sun yagi nasu. Kuma jiya ranar kasuwa ce. Sauran ranaku in na ga rabin haka, godiya nake. Cikin ribar nan iyalina ke ci. Kai in ka sussuke gero, duka kake dakawa, har irin baɗi?"

Ya daɗe yana duban kantocin da suka koma daidai yadda ya same su jiya da safe, ba ƙari ko kwalin ashana.

Bai ba ni haƙuri ba, gidanmu babba ba ya ba ƙarami haƙuri. Ya dai ajiye dubu biyar ɗin bisa teburi. Na mayar masa, na ce alkawari na yi, kuma ribar kowace ranar kasuwa ta gona ce har a yi huɗa, amma uwar kuɗi ko Inna ce ta zo da kanta ba ta taɓa ta.

Takin da aka samu bai kai wanda yake so ba. An zuba shi dai a kan lokaci, ni kuma ban rufe shago ko na wuni ɗaya ba. Da na je gida ganin shuka, Inna ta ce yayana ya gaya mata ƙanensa ba mai kuɗi ba ne, ɗan dakon kuɗin mutanen Gusau ne. Zagi ya nufa. Na karɓa.