Lambar da Ke Wayar Maman Yara

Saura Ƙiris suke kiransa a layin, har ya saba yana amsawa. Mai aski ne, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba a musu. Amma tun da ya fara cacar ƙwallo a waya bai taɓa ci ba. Kullum wasa ɗaya ne ke ɓata masa tikiti, kullum kuma ya kashe injin aski ya nuna wa kwastoma yadda saura ƙiris ya zama mai kuɗi.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Mace ce da ke karanta takardar cikin kwalin magani tun daga sama har ƙasa, kuma ta bi. Ta taɓa kama shi da caca, ya rantse mata da hawaye cewa ya daina, ta yarda. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da za ta gane ya koma.

Maƙwabcin shagonsa, mai gyaran waya, shi ya matsa masa ya ƙara wa asusun cacarsa kariya ta biyu: duk wanda zai shiga daga sabuwar waya, ko ya san kalmar sirri, sai ya sa wata lamba da kamfanin zai turo ta saƙo. A makon nan layin wayar Saura Ƙiris ya ɓata, sai gwanin naka ya sa lambar wayar matarsa. Ya ari wayarta wai zai haska ƙarƙashin gado, ya kwafe lambar da kamfanin ya turo, ya goge saƙon. Daga nan wayarsa ta daina tambayarsa, shi ma ya manta.

Wata rana da hantsi yana tsakiyar aski saƙo ya shigo: an zaɓe shi cikin masu sa'a, ya danna nan ya karɓi kyauta kafin ta wuce. Mutumin da bai taɓa cin komai ba, ina zai tsaya karanta adireshi? Ya danna. Shafi ya buɗe da tambarin da ya sani da kalar da ya sani. Ya rubuta sunansa da kalmar sirri. Shafin na ɓarayi ne, kuma nan take suka ɗauki abin da ya rubuta suka gwada a na gaskiya. Kamfanin ya ga baƙuwar waya, ya tura lamba. Shafin bogi ya ce masa: sa lambar da aka turo maka.

Sai a nan ya tuna inda lambar ke zuwa. Ya bar kwastoma da rabin kai, ya zura da gudu.

Ya same ta a kan keken ɗinki, wayar na hannunta.

"Maman yara, ba ni wayar nan in haska wani abu."

"Da rana tsaka?"

"To karanto mini lambar kawai."

"An rubuta kada a ba kowa. An kuma rubuta sunan kamfanin caca, maigida."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Wani mai ladabi ne, wai ma'aikacin kamfani, yana neman lambar don a sako kyautar. Ta karɓe wayar ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Nan fa mijinta ya durƙusa yana roƙo ta gefen dama, baƙo yana roƙo ta cikin waya, har suna kama wa juna.

"Ranki ya daɗe, lokaci na ƙurewa."

"Kin ji ko? Bawan Allah ya bar aikinsa yana jiranmu!"

Ta ce wa na wayar, "In kai ne kamfanin, ba kai ka turo ta ba? Duba wajenka mana." Ya kashe.

Mai gyaran waya ya biyo sahu, don mai rabin kai ya ishe shi da masifa. Ya duba shafin, ya nuna musu adireshin: an ƙara harafi ɗaya a sunan kamfanin. Ya ce da lambar nan ta fita, da asusun ya tafi. Yanzu dole a sauya kalmar sirri, tunda tsohuwar na hannun ɓarayi. Suka shiga shafin gaskiya don su sauya, kamfanin ya sake turo lamba, ta faɗo wayarta.

Saura Ƙiris ya yi dariyar yaƙe, yana ganin abin ya zo da sauƙi.

"Kin ga, ke kika kore mana ɓarawo. Wannan karon na gaskiya ne, karanto."

Ta karanto, don ba ta son a cuce shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Ta kife wayar, ta gyara zaman yadin a ƙarƙashin allura.

"Shi ɓarawon ban ji haushinsa ba," in ji ta. "Bai taɓa yi mini kuka ya rantse ba."