Fensirin Inna

Jikata ce ke fiƙe fensir ɗazu, ƙamshin itacen ya dawo mini da Inna, shugabarmu a ɗakin jinyar mata a Haɗeja, zamanin Turawa. Takardar rabon aikinmu kullum da fensir take rubuta ta.

Wata damina aikin dare ya faɗo kaina, kwana bakwai a jere. Gwaggona mai riƙe mini yaro ta je Auyo, ruwa ya cinye hanya, ta kasa dawowa. Ɗan fari ne, kunya ba ta bari in ambace shi gaban babba. Sai na ce, "Inna, zazzaɓi nake ji, a mayar da ni aikin safe."

Ta sa mini ma'aunin zafi a baki. Yana nan ƙarƙashin harshena nono ya zubo, ya jiƙa mini farar riga. Ta duba ma'aunin ta yarfe, ba ta faɗi abin da ya nuna ba.

Mu uku ne ƙarƙashinta. Ɗaya ta sauka daga dare, hutunta ne, ɗayar kuma ba ta isa riƙe makullin magani ba tukuna. Inna ta goge sunana ta rubuta nata, ga aikinta na rana yana jiranta.

"Je ki ba shi ya sha," ta ce. "Gaba ki faɗa mini gaskiya, takardar goguwa take yi."

Har ta rasu ban iya kallon idonta na gode mata ba. Allah, dare bakwai ɗin nan, Ka haskaka mata kabarinta da su.