Muryar Yaya a Cikin Mota

Ranar da Yayana ya tafi karatu ƙasar waje, ni na kai shi filin jirgi. Mu biyu kaɗai ne a gidanmu na Gwarinpa, shi ya sa komawa ta yi mini nauyi.

Da la'asar na tuna da ƙaramar kyamarar da ya maƙala a gilashin gaban mota. Tana ɗaukar hanya da maganar da ake yi a ciki, amma idan katinta ya cika, sabon ɗauka yakan goge tsoho. Na tsorata kada hirarmu ta safe ta ɓace. Na tsaya gefen titi a Kado, na bar injin a kunne, na haɗa wayata da wayifayin kyamarar. Wayar ta rubuta cewa babu intanet a wannan layin. Na gani, ban damu ba.

Bidiyon ya daɗe yana sauka. Da ya gama na kunna, sai ga titi yana gudu, ga muryarsa: "Ƙanwata, wannan tuƙin naki, ko kunkuru sai ya wuce mu." Na yi ta maimaitawa ina murmushi ni kaɗai.

Da na cire haɗin, saƙonni suka zubo. Kiransa uku ta intanet sun wuce, daga filin jirgin da ya sauka don canza jirgi. Ya rubuta: "Na so in ji muryarki. An kira mu, za mu shiga."

Na kira shi. Kiran bai shiga ba.