Gwaggo da Zomon Gida Biyu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya koyar da ɗan Adam da alƙalami. Shekara ashirin da biyu na yi ina duba littattafan Larabci a wata maɗaba'a, teburina yana fuskantar na wata baiwar Allah wadda kowa ke kira Gwaggo, har waɗanda suka girme ta. Ni ke duba Larabci, ita ke duba duk abin da ya rage. Dokar gidan ita ce, ba a ɗora takarda a inji sai ta sa hannu a kusurwar gwajin bugu.

Mahaifinta ma'aikacin maɗaba'ar ne tun zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu, kuma a gefensa ta koyi karatu, tana karanta haruffa a juye kafin ta iya karanta su a miƙe. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta raine su da wannan tebur. Kayan aikinta kaɗan ne: jan biro, fensir, rula ta ƙarfe, da tabarau mai igiya. Idan aka kawo littafin lissafi, sai ta yi kowane lissafi da hannunta. Idan jadawalin tashin jirgin ƙasa ne, sai ta bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya ta ga ko jirgin ya isa wani wuri kafin ya taso. Takan ce wanda ya sa hannu shaida ne, shaida kuwa ba ya cewa an ce.

Bayan rasuwar mai maɗaba'ar, ɗansa ya karɓi ragama, muna kiran sa Manaja. Yaro ne mai ladabi, amma mai gaggawa. Ya sayo kwamfuta wadda ke ja wa kuskuren rubutu layi da kanta, ya fara kallon teburin Gwaggo kamar wurin da ya dace a ajiye kwalayen takarda.

Wata Laraba da hantsi aka kawo aikin sirri: takardar jarrabawar shiga wata makarantar koyon sana'a, kwafi ɗari shida, kuma motar makarantar za ta zo ɗauka bayan la'asar. Malamin lissafin da ya tsara tambayoyin ya zo da kansa, ya zauna bakin ƙofa don kada takarda ta fita. Gwaggo ta bi tambaya goma sha tara ba ta ga kuskure ba. A ta ashirin, mai maki goma, sai ta ajiye jan biro ta ɗauki rula.

Tambayar ta ce: gidaje biyar ne a jere, kowanne da launinsa, da sana'ar mai shi, da abin da yake kiwo. Launukan su ne ja, fari, kore, shuɗi da rawaya. Masu gidajen su ne maƙeri, tela, kafinta, direba da likita. Kiwon kuwa akuya, kyanwa, kaza, tantabara da zomo. Sai bayani tara. Maƙeri ne a gidan farko daga hagu. Maƙeri maƙwabcin shuɗin gida ne. Koren gida yana manne da farin gida ta hagunsa. Tela yana jan gida. A gidan tsakiya ake kiwon akuya. Kafinta yana koren gida. Likita yana farin gida, kuma kaji yake kiwo. Direba tantabaru yake kiwo. Mai kyanwa maƙwabcin mai tantabaru ne. Wa ke kiwon zomo?

Manaja ya leƙo ya ce, “Gwaggo, inji fa yana jira. Akwai harafin da ya faɗi ne?”

“Haruffa lafiyarsu ƙalau, ɗana. Zomon nake nema.”

“Zomon kam, yara ne za su nema, ba mu ba.”

Ta shimfiɗa farar takarda, ta ja layuka na tsaye har ta fitar da zango biyar, ta rubuta ɗaya zuwa biyar a kansu daga hagu. Ta ja na kwance, ta rubuta a gefe: launi, sana'a, kiwo. Gurbi goma sha biyar ke nan, duk babu kowa. Na ja kujerata na zana irinsa, amma hannu ya bi sabonsa, na sa gidan farko a dama. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Liman, wannan unguwar ba Larabawa ke cikinta ba. Juya musu gidajensu.” Liman take ce mini domin ni ke jan salla a wurin aiki. Na yi dariya na sake zane.

Ka'idarta ita ce, abin da ya tabbata da jan biro, abin da ke yiwuwa da fensir. Ta fara da bayanan da suka ambaci wuri ƙarara: maƙeri a gida na ɗaya, akuya a na uku. Sannan ta koma ga maƙwabtaka. Gidan farko maƙwabci ɗaya gare shi, don haka na biyu ne shuɗi. Ta ɗora fensir a kan launin gida na ɗaya tana magana a hankali: “Ba ja ba ne, ja na tela ne, nan kuwa maƙeri. Ba kore ba ne, da na biyu ya zama fari. Ba fari ba ne, babu gida a hagunsa. Saura rawaya.” Ta rubuta da ja. Na ga abin da malaman usulu, wato tushen fiƙihu, suke koya mana, a jero dukkan abin da ke yiwuwa, a yi ta zubar da wanda hujja ta kore har ɗaya ya rage. Ita ba ta taɓa zama gaban malamin usulu ba.

A nan hannunta ya tsaya. Kore da fari dole su zauna kafaɗa da kafaɗa, kuma wuri biyu ya rage musu: ko na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar. Maimakon ta zaɓi ɗaya, sai ta ɗauko wata takarda ta sake zana jadawalin sak, ta kwafe abin da ya tabbata, ta bi kowace hanya a takardarta. Ta ɗauki kusan rabin sa'a tana komawa kan bayanan tara, tana sa wa kowanne alama. Daga nan ta tura gwajin bugun gefe ta ce ba za ta sa hannu ba, tambayar amsa biyu gare ta.

Malamin lissafi ya taso. Mutum ne mai ilimi, ba na rage masa komai. Ya ce, “Baiwar Allah, ni na tsara tambayar nan. Sau uku na gwada ta. Kafinta ne mai zomo.”

“Kafinta yana da zomo, Malam, ban musa ba. Tela ma yana da shi.”

Mai inji, wanda ya zo yana goge hannu da tsumma, ya ce, “To a raba musu mana, kowa ya ɗauki cinya ɗaya.”

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce, “Gwaggo, ke uwa ce a wurina, amma yau zan faɗa. Idan kika tsayar mini da inji a kan banza, motar nan ta koma babu kaya, to ƙarshen wata ki huta. Kwamfuta ta ce takarda ba kuskure, mai tambaya ya ce ba kuskure.”

Na san ba ta da wata sana'a bayan wannan, kuma autarta na makaranta. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar, ta ce, “Na ji, ɗana. Malam, zo ka zauna. Ga bayananka tara, ga jadawali biyu. Ka nuna mini bayani ɗaya da na biyun ya saɓa, ni da kaina zan kwashe kayana yau, ba sai ƙarshen wata ba.”

Malamin ya zauna ya fara da jadawali na farko. Ja a na uku, tela da akuyarsa. Kore a na huɗu, kafinta. Fari a na biyar, likita da kajinsa. Gida na biyu ya rage wa direba da tantabarunsa, kyanwa ta faɗa gida na ɗaya tunda na uku akuya ce, zomo ya sauka wurin kafinta. Ya ce, “Ga shi nan, amsata.” Ta tura masa na biyu. Kore a na uku, kafinta da akuya. Fari a na huɗu, likita da kaji. Ja a na biyar, tela. Direba yana na biyu, kyanwa tana na ɗaya, gurbin zomo kuwa a gidan tela. Ya ɗora yatsa a bayani na ɗaya ya sauko har na tara. Ya sake hawa ya sauko. A karo na uku leɓunansa kawai ke motsi.

“Yaya ka gwada ta sau ukun nan?” in ji Gwaggo, da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce ya fara rubuta amsar ne, ya ciro bayanan daga jikinta, sannan ya duba ya ga duk sun dace da ita.

“Sun dace kuwa. Amma kai ka san gidan da ka sa kafinta tun kafin ka tambaya. Yaron da zai zauna gobe bai sani ba. Wanda ya bi ta biyu ya rubuta tela, ka soke shi, ka zalunce shi maki goma, alhali ya fi wanda ya yi cinke gaskiya.”

Malamin ya ɗago kai ya ce, “Allah ya saka miki, Gwaggo. Da na ɗauki alhakin yara ban sani ba. Me za a ƙara?”

“Tambayarka ce. Nemi abin da yake gaskiya a na farko, ƙarya a na biyu.”

Ya jera takardun biyu ya duba. A na farko tela yana na uku, direba na biyu. A ɗayan gida biyu ne tsakaninsu. Ya rubuta bayani na goma da hannunsa: tela maƙwabcin direba ne. Manaja ya miƙa hannu zai ɗauki takardar, ta dafe ta. Ta zana jadawali na uku, sabo fil, ta warware tambayar tun daga farko kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Da ta kai mararrabar kore da fari, hanya ɗaya ta toshe, ɗaya ta wuce. Sannan ta sa hannu. Inji ya tashi bayan azahar, motar makaranta ta jira minti goma sha biyar kacal.

Manaja bai ba ta haƙuri a gaban jama'a ba, kuma ba ta nema ba. Washegari da safe ya zo ya durƙusa gefen teburinta ya gaishe ta, abin da ya daina tun rasuwar mahaifinsa, ya tambaye ta ko hasken wurin yana isar ta. Ta ce ba ya isa. Kafin azahar an sa mata sabuwar fitila. Ta ƙara shekara shida a kan wannan tebur, sai da idanunta suka gaza ta ajiye aiki don kanta, ranar da ta zaɓa.

Yanzu tana gidan babban ɗanta. Nakan je gaishe ta bayan sallar Juma'a, jikokinta su karanta mata jarida, tana tsayar da su idan labari ya ce mutum bakwai a sama ya lissafa shida a ƙasa. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa amanar da ta riƙe ta yi mata nauyi a mizani, mu kuma ya kyautata ƙarshenmu.