Gorunan Malam Babandi

Shekara ashirin Malam Babandi yana sauke huhun goro a unguwar Sabo ba wanda ya taɓa kama masa, sai ga motar kaya ta kife da shi a hanyar Ojoo. Ya tsira da ransa, amma ya samu karaya, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Matarsa Safara'u ce ke cicciɓarsa daga gado zuwa kujera, har bayanta ya fara ciwo. Wannan ya fi karayar cin ransa.

A asibiti wata ma'aikaciya Bayarabiya ta cika gorunan roba biyu da ruwa ta damƙa masa. Ta zaunar da shi tsaf, baya a miƙe, ta nuna masa: ya naɗo hannu zuwa kafaɗa sau goma, ya ɗaga sama sau goma, sannan ya rungumi gora ɗaya a ƙirji, ya ɗaure ciki, ya juya dama da hagu a hankali. In zai ɗaga ya saki numfashi, kada ya riƙe. Ta ce in hannu da ciki suka yi ƙarfi, shi zai riƙa tashin kansa.

Duk ya haddace. Abin da ya ɗaure masa kai ruwan ne. Ina aka taɓa ba marar lafiya ruwa a ce ɗagawa kawai zai yi? Safara'u ta ce ai ko tofin malam sha ake yi. Don haka kullum ya gama sai ya yi bisimilla ya kurɓa. Maƙwabciyarsu Amariya mai ciwon gwiwa ma ta zo aka san mata a murfi. Ƙari kuwa ba a yi, kada a surka magani.

Ikon Allah, goruna suka dinga sauƙi. Daga goma ya kai hamsin ba ko gumi, har yana cika wa 'yan dubiya baki. Amma da ya dafa hannun kujera zai tashi, sai ya koma jaɓar. To ina ƙarfin yake zuwa?

Ranar komawa asibiti, ma'aikaciyar ta girgiza gorunan, ta ji ƙwal-ƙwal. Ba ta yi dariya ba. Ta je famfo a gabansu ta cika, ta ce, "Baba, ruwan famfo ne. Nauyin shi ne maganin."

Kunya ta kama shi, domin da ya sake ɗagawa da ƙyar ya kai goma. Har gida bai daina mamakin maganin da ba a sha ba, amma ya bi, har aka sauya masa manyan goruna.

Wata na huɗu, Safara'u ta ci ɗamara da zani da hantsi ta shigo ɗaukarsa, ta tarar da shi a kujerar da ke manne da gado, yana haki.

"Wa ya ɗaga ka?"

"Kwance zanin nan ki zauna," in ji shi. "Bayanki ya huta haka."