Asabar ɗin manaja

Ina kula da rumbun bayanai a wani ɗan kamfani a Jakara. Manhajarmu ce 'yan kasuwa ke karɓar odar kaya da ita, kuma yawancinsu ni na bi rumfa-rumfa na lallaso, don a gabansu na girma. In ta ba su kunya, ni za su nema.

Sai aka kawo mana manaja, mai lanƙwasa harshe in zai ce "weekend". Lambobin da muke bai wa oda sun kusa ƙarewa, dole a faɗaɗa gurbinsu a tebur, wato jadawalin da kowace oda ke shiga. Ya ce in yi ranar Asabar manhaja na aiki, ba rufewa, ba sanarwa, ai ba kowa a kai. Mutumin da ke ratsa cunkoson kasuwar Kurmi kullum da gilashin mota a rufe!

Na zauna na rubuta masa imel, ina cizon leɓe. Na ce canjin nan sai ya sake rubuta teburin gaba ɗaya, kuma yana kulle shi har ya gama. Duk odar da ta shigo za ta maƙale, mai ita ya yi ta dannawa. Na ce na gwada a kan kwafi, ina bukatar awa biyu: a sanar, a rufe manhaja, in ajiye kwafin bayanai, in yi canjin, in duba, in ya ƙi in mayar. Na ƙare da cewa Asabar ce baƙin 'yan sari ke cika kasuwa, da dare kuma ana lodi. Lokacin da gari ke lafawa shi ne Juma'a, sanda ake rufe rumfuna a tafi masallaci; wata abokiyar aikina ta yarda ta zauna a kai har in sauko.

Ya kira ni ofis yana murmushi.

"Malam, ka gamsar da ni. Na ba ka awa biyunka, Asabar da hantsi."

"Ranka ya daɗe, ka kai ƙarshen imel ɗin kuwa?"

"Juma'a working day ce, ranar aiki. Duba kalanda."

Na fito cike da haushi. Kalandar bango ya yarda da ita, ni da aka haifa a nan unguwar Sheshe ban isa ba.

Ranar Asabar aikin ya tafi sumul, ko layi ɗaya bai ɓace ba. Manaja har da tura wa mai kamfani saƙon taya murna. Su kuwa 'yan kasuwa, masu saye na tsaye a kansu, manhaja na ba su haƙuri.

Da yamma na bi ta rumfar wani dattijo mai sayar da shuɗaɗɗun yadi, abokin babana, wanda shi ne na farko da ya yarda da ni ya karɓi manhajar. Ya riga ya goge manhajar. Bai yi faɗa ba, ya ci gaba da ninke yadinsa.

"Shi baƙo ne, ba na ganin laifinsa," ya ce. "Amma kai, ɗan nan, ashe ba ka san Asabar ba?"