Wasiƙar Ɗage Karatu Zuwa Baɗi

An riga an yi mini addu'ar sallama a coci kafin biza ta fito, kuma daga nan matsalar ta faro. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu, ni malamar sakandare a Kafanchan, Baba kuwa bai iya riƙe murna ba. Zumuntar mata suka yi rawa, aka sha kunu, tsofaffi daga ƙauyenmu kusa da Nok suka ɗora mini hannu a ka. Fasfo ɗina kuwa yana can kwance a ofishin jakadanci a Legas. Sau biyu ina zuwa, sau biyu ana cewa ana kan bincike, in jira.

Da aka shiga mako na biyu ana ganina a kasuwa ana cewa, a'a, malama, ba ki tafi ba, sai Baba ya tura ni gidan gwaggo a Sabon Tasha. Wai in zauna shiru har biza ta zo, mutane su ɗauka na tashi. Na tafi, amma raina a ɓace. Ni da ban saci akuyar kowa ba, ga ni ina laɓe kamar ɓarauniya.

A can na sake karanta takardar jami'ar da kyau. Akwai ranar ƙarshe ta rajista, saura kwana goma sha biyu. Wanda bai iso ba, bai kuma rubuto ba, gurbinsa ya tafi. Washegari na hau mota na koma Kafanchan da rana tsaka, kowa na kallo.

Baba ya ƙi sam. A ganinsa, wanda aka ba kyauta ba ya cewa a ajiye masa sai baɗi, rashin kunya ne, Turawan za su ce ba na so. Ya ce mu yi azumi da addu'a. Na ce zan yi azumin, amma wasiƙa sai na rubuta.

Na kai rubutuna wurin kawu, ƙanen Mama, tsohon akawun reluwe mai tafireta a shagonsa kusa da tasha. Shafi uku na cika. A ciki na gaishe da mutanen jami'ar, na kira su iyayena, na ba da labarin wahalar gidanmu, na roƙe su saboda Allah. Kawu ya karanta yana tsaki, ya ce wannan ai kukan makoki ne, akawun jami'ar zai gaji kafin ya gano abin da nake so. Na ji haushi ƙwarai, don da hawaye na rubuta ta. Amma ya fi ni gaskiya.

Ya buga sabuwa, rabin shafi. Lambar da jami'a ta ba ni a sama, da sunan kwas. Na karɓi gurbin kuma ina sonsa. Ga ranar da na nemi biza, har yau ba ta fito ba, ga hoton rasit ɗin ofishin jakadanci a haɗe. Ina roƙo a ɗage mini zuwa zangon baɗi, a aiko da sabuwar takarda mai sabuwar rana, don ofishin biza zai nema. Shi ke nan.

Saura adireshin amsa. Akwatin gidan waya ɗaya muke da shi, na coci, kuma fasto ne ke buɗewa. Baba ya aiko cewa in sa na gwaggo, kada coci ta san abin da ake ciki. Akwatin gwaggo na mutum goma ne, wasiƙu na ɓata a ciki. Na ce wa kawu ya buga na coci.

Ta gidan waya sai ta yi mako uku a hanya, don haka na tafi Jos na tura ta ta injin faks a wani shago, na tsaya a kan mai shagon har injin ya fitar da shaidar ta shiga. Ainihin takardar na aika ta gidan waya da rajista. Na dawo na roƙi shugaban makarantarmu ya mayar da ni aji, na ci gaba da koyarwa. Baba ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da ka kawai, abin ya yi mini ciwo.

Ranar wata Laraba fasto ya kawo ambulan har gida, ya ƙi tafiya sai ya ji. Na karanta, na fassara. Sun amince, gurbina yana nan har baɗi, ga sabuwar takarda.

Baba ya karɓa ya juya ta gaba da baya, shi da ba ya karanta Turanci.

"Ba su yi fushi ba?"

"Ba su yi ba, Baba."

"Da kin bi maganata fa?"

"Da gurbin ya tafi."

Baba ya miƙo mini takardar. Sannan ya dubi fasto ya ce ranar Lahadi kada a sa a sanarwa, shi zai miƙe da kansa ya faɗa wa jama'a cewa 'yarsa tana nan, ba ta tafi ba, kuma shi ne ya ɓoye ta.